Ku taya ni gyara saƙon tuni ga abokin da nake bi bashi

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ta rubutu ce. Akwai abokina tun muna yara, a watan Fabrairu wata matsala ta taso masa na ba shi rancen dubu 120, ya ce ƙarshen Afrilu zai maido. Afrilu ta wuce shiru. A Yuni ya turo dubu 30, daga nan ko tari bai sake yi ba a kan maganar, ga shi mun shiga Satumba. Muna gaisawa, muna haɗuwa, ana hira kamar ba komai. Ba na son rigima da shi, ba na kuma son kuɗina su bi ruwa. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Salam abokina, ya gida ya aiki? Don Allah ka yi haƙuri da damunka da zan yi, wallahi ni kaina kunyar maganar nake ji. Dama cewa na yi bari in ɗan tuna maka 'yan kuɗin nan, ko Allah zai sa ka samu wani abu. Amma idan babu hali ba komai, duk lokacin da ka samu. Na gode, a gaida iyali."

Ku duba min, ina ne zan gyara?

Mai Faɗa Ɗaya: Wa'alaikumus salam. Ɗan Auta, kai ake bi ko kai kake bi? Wanda ya karanta wannan zai ɗauka kai ne ka ci bashin kake neman afuwa. Goge shi gaba ɗaya ka rubuta: "Malam, wata huɗu kenan da wucewar alkawari. Ina son kuɗina kafin Juma'a, in ba haka ba kada ka ga laifina." Shikenan. Kunya ba ta karɓo bashi.

Sabon Shiga: Gaskiya ɗan'uwa ka yi ƙoƙari ka biya mutumin nan ko da kaɗan-kaɗan ne, tunda har ya taimake ka lokacin da kake cikin matsi. Ba da haƙuri kawai ba zai wadatar ba.

Mai Faɗa Ɗaya: Ka gani ko? Ga shaida nan ta fito da kanta.

Sabon Shiga: Au, shi ne mai kuɗin? To Allah ya ba da haƙuri, saƙon na fara karantawa.

Hajiya Babba: Ƙanena, Mai Faɗa Ɗaya ya gano ciwon amma maganin da ya kawo ya fi ciwon zafi. Bari mu fara da naka. Ka karanta shi kamar kai ne mutumin, kana zaune saƙo ya shigo. Me aka ce ka yi? Babu. Ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba, ba a ma yi maka tambayar da za ka amsa ba. Ƙarshenta an ce maka "ba komai, duk lokacin da ka samu". To ai ka ba shi amsar da kanka. Abin da zai rubuto shi ne "na gode da fahimta abokina", kuma ba za ka iya cewa ya yi laifi ba, don da bakinka ka ɗage wa'adin Afrilu ka mai da shi ranar da babu ita a kalanda. Nan da wata biyu in ka sake magana, wannan saƙon zai nuna maka.

Sannan "'yan kuɗin nan". Dubu 90 ka mai da su 'yan kuɗi don kada ya ji nauyi, alhali nauyin kake so ya ji. Haƙurin da ka buɗe da shi kuma yana gaya masa cewa a ganinka tambayar ma laifi ce. Mutum in ya lura kana jin kunyar tambaya, ya san zai daɗe kafin ka sake yi.

Na Mai Faɗa Ɗaya kuwa, matsalarsa "kada ka ga laifina". Me za ka yi ranar Juma'ar? In ba ka da abin yi, ranar Asabar ka fi yau rauni. Abu na biyu, ka miƙa masa sabon zance. Ba zai amsa maganar kuɗi ba, cewa zai yi "ni za ka gaya wa haka saboda abin duniya?" Daga nan an bar bashi an koma shari'ar wa ya ci mutuncin wa, kai da kake bin kuɗi sai ka koma ba da haƙuri na gaske.

Mai Faɗa Ɗaya: Hajiya, wasu sai da haka suke ji. Lallami ne ya kai shi wata huɗu.

Hajiya Babba: Shiru ne ya kai shi wata huɗu, ɗana. Har yau ba a lallashe shi ba, ba a kuma tambaye shi ba. Mutumin da ba a taɓa ce masa "ranar kaza" ba, ba a fara masa da barazana.

Baba Akawu: Na yarda da Hajiya. Saƙon tuni abu huɗu yake ɗauka: abin da aka karɓa, abin da aka yi alkawari, abin da ya rage, da abin da kake so yanzu. Ladabi yana cikin gaisuwa da rashin zargi. Ƙarfin kuma yana cikin lamba da kwanan wata. Ga yadda zan rubuta:

"Salam abokina, da fatan kana lafiya da iyali. Ina maganar rancen dubu 120 da na ba ka a Fabrairu, wanda muka yi da kai za ka biya ƙarshen Afrilu. Na ga dubu 30 da ka turo a Yuni, na gode, saura dubu 90. Ina so a kammala zuwa 30 ga Satumba. Idan gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ka faɗa min nawa za ka iya bayarwa da ranar da za ka bayar, mu tsayar da magana. Ina jiran amsarka zuwa jibi."

Ka lura na ambaci dubu 30 ɗin da ya biya. Yana nuna masa ba ka manta ƙoƙarinsa ba, yana kuma toshe wata ƙofa, don na sha ganin wanda ya biya kashi ɗaya cikin huɗu, bayan wata shida a ransa ya zama ya biya rabi. Ba lallai ƙarya yake ba, lissafin da ba a rubuta ba haka yake narkewa, kuma kullum ta ɓangaren mai biya yake narkewa.

Ka kuma lura rana biyu na sa, ta amsa da ta biya. Amsa ba ta buƙatar ko sisi, saboda haka babu uzurin jinkirta ta. In ka sa ranar biya kaɗai, zai iya yin shiru har ranar ta zo, ka yi asarar mako uku kana zaton ana shiri.

Ɗan Auta: Baba, na gode ƙwarai. Sai dai wallahi kamar takardar banki. Mutumin da muke tsokanar juna kullum, in ya ga "wanda muka yi da kai za ka biya" ba zai ce na canza masa ba?

Baba Akawu: Zai ji bambanci, kuma ana so ya ji. Amma ka mai da shi bakinka. Abin da ba za ka taɓa ba su ne lambobin nan da ranakun.

Hajiya Babba: Akawu sai akawu. Ƙashin ya yi, bari in sa masa tsoka:

"Salam mutumina, ya kwana biyu, ya yara? Magana ce a kan kuɗin nan na Fabrairu, dubu 120, da ka ce ƙarshen Afrilu. Dubu 30 na Yuni sun shigo, na gode, saura 90. Ina so mu rufe maganar nan zuwa 30 ga wata. In duka ba za su samu lokaci ɗaya ba, gaya min nawa za ka iya da kuma yaushe, sai mu tsara. Ka taɓo ni zuwa jibi in san inda muka tsaya."

Ka kira shi da sunan da ka saba kiransa. In ka tashi yau ka ce masa "Malam wane" alhali ba haka kuke ba, ya san an ɗaure fuska tun kafin ya kai layi na biyu. Amma kada ka sa dariya ko 'yar fuskar nan mai hawayen dariya a ƙarshe don rage zafi. In ka sa wasa, da wasa zai amsa.

Abu ɗaya game da ranar: kada ka zaɓe ta da ka. Ka san lokacin da kuɗi ke shigo masa. In mai albashi ne, ka sa ranar kwana biyu ko uku bayan albashi, kafin a rarraba shi. In ka sa ta tsakiyar wata, ka sa ranar da ka san zai saɓa, kuma wa'adin da aka saɓa sau biyu ya daina zama wa'adi.

Maman Biyu: Ni dai a ganina akwai hanya mai sauƙi. Ka ce masa wata buƙata ce ta taso maka ta gaggawa, kuɗin makarantar yara ko asibiti. Na taɓa bin wata 'yar'uwata, na yi ta kawaici ta ƙi motsi, ranar da na ce mata za a koro yara daga makaranta washegari ta kawo rabi. Ba wanda ya ji kunya, ba a ɓata ba. Mutane sun fi jin tausayi a kan jin lissafi.

Hajiya Babba: Maman Biyu, ɗaya rabin fa?

Maman Biyu: Hajiya kin cika tone-tone. Yana nan tafe.

Hajiya Babba: To kin ga inda nake. Ranar da kika ce yara ne, kin mai da haƙƙinki roƙo. Ta ɗora buƙatarki a sikeli da tata, ta ga rabi zai kashe wutar, ta ba da rabi a matsayin taimako. Yanzu yara sun koma makaranta, a wurinta magana ta mutu sai wata gobarar ta tashi. Kuma wanda ya fara da uzuri sai ya riƙa ƙirƙiro sabo duk lokacin da zai yi tuni. Balle aboki na kusa, wanda zai iya zuwa dubiya asibitin da ba kowa a kwance.

In buƙatar gaskiya ce, a faɗe ta a layi ɗaya, bayan an faɗi lamba da rana. "Ina da abin da zan yi da su farkon Oktoba" ya isa. Ba sai ya san mene ne ba.

Maman Biyu: Ni dai rabi a hannu ya fi min duka a rubuce. Kowa da irin mutanensa.

Almajirin Malam: Jama'a a dai tuna, Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 280 ya ce wanda yake cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin yalwa, yafewa kuma ta fi alheri. Kada garin gyara saƙo a matsa wa wanda ba shi da shi.

Baba Akawu: Haka ne Malam. Ka ƙara gaba kaɗan, aya ta 282 ta ce in an ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce a rubuta. Akwai kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci zalunci ne. Saboda haka tambayar ita ce wane iri ne abokin nan, mai ƙunci ko mai jan ƙafa, kuma Ɗan Auta bai sani ba. Layin nan na "gaya min nawa za ka iya da kuma yaushe" aikinsa kenan. Ya buɗe wa mai ƙunci ƙofa ba tare da ya tozarta ba, bai kuma bar wa mai jan ƙafa wurin ɓuya ba.

Almajirin Malam: To ta yaya za a bambance su daga saƙon waya? Zuciya ba a ganinta.

Hajiya Babba: Ba a ganin zuciya, ana ganin amsa. Mai ƙunci na gaskiya lamba yake kawowa, ko da ƙarama ce har ta ba ka haushi: "Dubu 10 zan iya duk wata, fiye da haka ƙarya zan yi maka." Ko ya ce ƙarara babu, sai wata kaza. Mai jan ƙafa kuwa rantsuwa da labari yake kawowa, wani zai biya shi, wata harka tana gab da faɗawa, ka kwantar da hankalinka. Duk abin da ya faɗa, in ka tace ba ka ga adadi ko rana ba, ba a amsa maka ba. Ba cewa nake duk mai labari maƙaryaci ne ba, wani kunya ce ke sa shi kame-kame. Shi ma dai maganinsa a sake tambayarsa lamba.

Shi ya sa ba na so Ɗan Auta ya tsara masa biya kashi-kashi tun a saƙon farko. In ka ce "ko dubu 15 duk wata", ka yanke wa kanka, watakila da zai iya 45 sau biyu. Kuma adadin da mutum ya furta da bakinsa ya fi jin kunyar saɓa shi.

Mai Faɗa Ɗaya: Ni fa da ni ne, in ya yi shiru sai in sa magana a inda kowa zai gani, ba suna, shi ya san kansa.

Hajiya Babba: Habaici mutum goma yake sara, tara ba ruwansu, na goman kuma ya yi kamar bai gani ba. In ya gane, ka ba shi hujjar fushi kyauta.

Ƙanwar Kowa: Ni tambayata daban ce. Me ya sa sai rubutu? Abokinka ne, ka kira shi mana, ko ka same shi. Rubutu ba shi da murya, yadda ransa yake haka zai karanta shi.

Baba Akawu: Saboda ba su rubuta komai ba ranar da aka ba da kuɗin. In ya amsa saƙon nan ko da "to, na gani, zan biya" ne, an samu wurin da adadin yake a rubuce kuma bai musa ba. Ba don kai ƙara nake faɗa ba, don kada gobe a yi gardamar 90 ne ko 70. Sannan mai kunya irin Ɗan Auta, in ya kira, gaisuwa za ta cinye minti goma, a taɓa maganar a gurguje, ya ji kansa yana cewa "ba komai" kafin ya ankara.

Ɗan Auta: Baba kamar kuna wurin.

Hajiya Babba: A nan ni da Akawu mun ɗan rabu. Ga abokin ƙuruciya na fi son a fara da baki, ku biyu kaɗai, ba gaban matarsa ko abokai ba. In an gama sai ka bi da rubutu: "Kamar yadda muka yi ɗazu, saura 90, za ka ba da kaza ranar kaza." Ka samu murya, ka samu shaida. Amma in ka san bakinka zai ci amanarka, tura rubutun. Ka tura da safe ko da rana, kada ka tura tsakar dare, saƙon dare kamar wanda abin ya hana barci ne. Kada kuma ka yi saƙon murya mai tsawo, duk kame-kamen da muka goge zai dawo ciki.

Ƙanwar Kowa: Ni har yanzu ina ganin in aka turo min lissafi a rubuce daga ƙawata zan ji wani iri. Amma dai ban riƙe wa kowa kuɗi wata huɗu ba.

Ɗan Auta: Jama'a na tura na Hajiya da safe, na canza ranar zuwa 2 ga Oktoba saboda albashinsa. Ga amsarsa yanzu: "Haba mutumina, wallahi ina sane, kullum abin yana raina. Abubuwa ne suka ɗan cakuɗe, amma in sha Allah ka kwantar da hankalinka, ba za a ji kunya ba." Me zan ce? Hannuna har ya rubuta "ba komai" na goge.

Mai Faɗa Ɗaya: Ba na faɗa ba? Rantsuwa ɗaya, labari ɗaya, lamba babu.

Baba Akawu: Amma an samu abu ɗaya, bai musa 90 ba. Kada ka sake jero tarihin, kada ka yi gardama da uzurinsa, kada kuma ka tambaye shi me ya cakuɗe, don in ka tambaya ka buɗe hirar awa guda. Karɓi maganarsa, ka maido da tambayar, a gajarce fiye da na farko:

"Allah ya warware, na san ba ka manta ba. Don in tsara nawa lissafin, ranar 2 ga Oktoba nawa zan sa rai, duka 90 ko wani kaso? Faɗa min adadin da ka tabbata za ka iya."

Tambaya ce mai amsa biyu, kowacce lamba ce.

Hajiya Babba: Ya yi. "Da ka tabbata" ɗin nan ka bar shi, yana ba shi izinin faɗin ƙaramin adadi ba tare da jin kunya ba. In ya ce 30, kada ka tsaya a godiya, a take ka tambayi ranar sauran 60 ka rubuta masa duka a saƙo ɗaya. In kuma ya sake zamewa, kada ka bi shi da saƙo kullum, tuni na yau da gobe yana zama kamar gaisuwa, a daina jinsa. Jira ranar ta zo. Washegari ka rubuta layi biyu: ranar da aka tsayar ta wuce, ba ka ga komai ba, kana so ku zauna cikin makon. Maganar sa wani a tsakani sai bayan zaman, kuma ka gaya masa kafin ka yi, kada ya ji a bakin wani.

Mai Faɗa Ɗaya: Hajiya wannan ai sai Disamba. Ni a saƙo na biyun nan zan ambaci yayansa, ya san da gaske ake.

Baba Akawu: In ka ambaci yayansa yau, me ya rage maka a Oktoba?

Almajirin Malam: Ni kuma ina ganin in ya ce 10 duk wata a karɓa kawai, wata tara ba shekara tara ba ce.

Maman Biyu: Baba Akawu, ni da na riga na ce mata kuɗin makaranta ne, ta ina zan faro maganar ɗaya rabin? Ku rubuta min nawa ni ma, amma mace ce kuma ta girme ni, ba zan iya ce mata "zuwa jibi" ba.

Hajiya Babba: Ce mata "Yaya, in ji daga gare ki kafin ƙarshen mako." Turo nawa ne asali, nawa ta kawo, da watan da ta kawo, mu gani.